Bugun Zuciya Bayan Shekara Sittin: Abin da Tsufa Ke Ragewa da Abin da Ba Ruwansa

A daminar bara na je gaida Baffana, ƙanin mahaifina, na same shi zaune a kan buzu a zaure, na'urar awon hawan jini a gabansa. Shekararsa 70, kuma har zuwa lokacin shi yake duba gonarsa da ƙafarsa. Ya miƙo mini na'urar ya ce, "Ɗan nan, duba mini lambar nan ta ƙasa, ta bugun zuciya. Da wajen 60 nake ganinta, yanzu ba ta wuce 48 ko 50." Na ce, "Baffa, tun yaushe kuka lura da haka?" Ya ce tun wajen ƙaramar salla, ya kuma ƙara da cewa idan ya ɗago daga sujada sai ya ga duhu-duhu, dole ya dafa bango. Bai jira na ce komai ba ya yanke wa kansa hukunci: "To, ai tsufa ne. Komai na jiki yana yin sanyi, ita ma zuciyar ta gaji."

Maganar Baffa tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take da haɗari. Tsufa yana taɓa bugun zuciya, ba shakka. Sai dai ba ta nan yake taɓa shi ba.

Lambobi biyu ne a wannan zance, kuma mutane kan cakuɗa su. Ta farko ita ce bugun hutu, wato sau nawa zuciya ke bugawa a minti ɗaya idan mutum yana zaune ko kwance, hankalinsa a kwance, bai yi wani aiki ba. Ta biyu ita ce ƙololuwar bugu, wato iyakar saurin da zuciya za ta iya kaiwa idan aka matsa wa jiki da aiki har ya kai maƙura. A ɗauke su kamar daɓen ɗaki da rufinsa. Duk wani motsin mutum, daga tashi zuwa masallaci har noman huɗa, a tsakanin daɓen nan da rufin yake gudana. Abin da shekaru ke yi shi ne su bar daɓen kusan inda yake, su riƙa sauko da rufin a hankali, shekara bayan shekara. Ɗakin ne ke gajarta.

Daɓen da ba ya motsi

A wajen babban mutum mai lafiya, bugun hutu yana tsakanin 60 da 100 a minti, kuma wannan ma'auni bai canza don mutum ya kai 65 ko 80 ba. Galibin dattawa masu lafiya suna wajen 60 zuwa 80, kamar yadda suke tun suna da shekara arba'in. Wanda ya saba aikin ƙarfi ko doguwar tafiya zai iya zama a hamsin da wani abu lafiya lau, kuma cikin barci kowa nasa yakan sauka, wani har ƙasa da 50. Saboda haka ne ma likitocin zuciya da yawa ba sa ɗaga hankali sai bugun ya yi ƙasa da 50 a farke, ko kuma ya zo da alamu irin su jiri da suma.

Wannan tsayuwa ta bugun hutu tana da ban mamaki idan aka leƙa abin da ke faruwa a ciki. A saman ɗakin dama na zuciya akwai wani ɗan curin tsoka na musamman wanda shi ke kunna wutar kowane bugu. Shi ne makaɗin zuciya, sauran tsokar tana bin kiɗansa ne. Wannan makaɗi yana da nasa saurin na asali, amma ba a barinsa ya yi yadda ya ga dama. Akwai jijiyar da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa tana taka masa birki, akwai kuma wasu jijiyoyin da sinadarin adirenalin waɗanda ke taka masa totur. Bugun da kake ji a wuyan hannunka sakamakon wannan ja-in-ja ne.

A 1970 wasu masu bincike biyu a Ostireliya, Jose da Collison, suka so su ji kiɗan makaɗin shi kaɗai. Sai suka yi wa mutane masu lafiya allurar magunguna biyu, ɗaya ya toshe birkin, ɗaya ya toshe totur ɗin, suka ƙirga abin da ya rage. Abin da suka samu ya bi wannan lissafi:

118.1 − (0.57 × shekaru)

Ɗan shekara 20 makaɗinsa na asali yana buga kusan 107 a minti. Ɗan shekara 70 kuwa kusan 78. To ka ga saurayin da bugun hutunsa yake 72, birki ne mai ƙarfi ya sauko da shi daga ɗari da 'yan kai. Dattijon da shi ma yake 72, makaɗinsa ya riga ya sauko da kansa, birkin kuma ya yi sanyi, ɗan taɓawa kawai yake yi. Raguwa biyu ne suka haɗu suka share juna, sai lambar da ke kan na'ura ta zauna inda take. Lamba ɗaya ce, amma abin da ke ƙarƙashinta ya bambanta ƙwarai.

Makaɗin yana yin sanyi ne domin ƙwayoyin halittar da ke kunna wutar suna raguwa da shekaru, tabo da kitse suna maye gurbinsu, waɗanda suka rage kuma ba sa kunnawa da zafin da. Ga yawancin mutane abin da ya rage yana isa har ƙarshen rayuwa. Ga wasu kaɗan lalacewar takan yi nisa, makaɗin ya riƙa tsayawa na 'yan daƙiƙoƙi, ko wutar ta kasa sauka daga ɗakunan sama zuwa na ƙasa. Wannan ciwo ne mai suna da magani, shi ne ake sa wa mutum abin da jama'a ke kira batirin zuciya saboda shi. Ya fi yawa a tsofaffi, gaskiya ne, amma ba shi ne tsufan ba.

Shi ya sa maganar Baffa ba ta kwanta mini ba. Mutumin da ya yi shekaru a wajen 60, cikin 'yan watanni ya koma 48 tare da jiri, ba shekaru ne suka yi masa haka ba. Shekaru ba sa aiki da gaggawa irin wannan. Na ce ya kawo mini ledar magungunansa. A ciki akwai atenolol, wanda ya daɗe yana sha saboda hawan jini. A kan taga kuma, ba ma cikin ledar ba, ga wata 'yar kwalbar maganin ɗigawa a ido, timolol, da aka rubuta masa a asibitin ido saboda hawan jinin ido, kuma daidai wajen ƙaramar salla ya fara shi. Da na tambaye shi ko ya gaya wa likitan idon cewa yana shan maganin hawan jini, sai ya ce, "Ai na ido ne wannan, me ya haɗa shi da zuciya?"

Abin da ya haɗa su shi ne dangi ɗaya ne. Kusan duk maganin da ka ga sunansa ya ƙare da "lol", aikinsa toshe totur ɗin nan ne. Na idon kuma ba ya tsayawa a ido. Yana gangarawa ta hanyar hawaye zuwa cikin hanci, daga nan ya shiga jini kai tsaye. Saurayi zai iya ɗaukar biyun bai ji komai ba, domin makaɗinsa yana da rara. Dattijo mai shekara 70 ba shi da wannan rarar. Ban ce ya daina ko ɗaya ba, domin yanke irin wannan magani dare ɗaya yakan sa zuciya ta zabura, jini ya hau, mai ciwon jijiyoyin zuciya ma abin ya zame masa babbar matsala. Washegari muka je asibiti da ledar da kwalbar duka. Aka ɗauki hoton wutar zuciyarsa, aka ga kiɗan daidai yake, jinkiri ne kawai. Aka sauya masa maganin idon, aka bar masa atenolol ɗinsa. Cikin mako biyu ya dawo wajen 60, duhun da yake gani bayan sujada ya tafi.

Haka abin yake ta ɗaya ɓangaren. Dattijon da ya saba zama a 70, aka wayi gari yana 100 ko 105 a zaune kwana da kwanaki, ba a cewa tsufa ne. A nemi dalili. Zazzaɓi yana ƙara wajen bugu goma a kan kowane digiri ɗaya da zafin jiki ya hau. Ƙarancin jini yana sa zuciya ta yi sauri don ta cike giɓi. Ƙishirwa ma haka, musamman a azumin da ya faɗo cikin bazara, ga wanda ke shan maganin da ke sa yawan fitsari. Halittar nan ta wuya wadda idan ta kumbura ake kira maƙoƙo, idan aikinta ya yi yawa takan kori zuciya da gudu, kuma a tsofaffi sau da yawa wannan saurin ne kaɗai alamar da take nunawa. Maganin shaƙa na asma yana yi, goro da shayi mai kauri ma suna ɗan taɓawa.

Rufin da ke saukowa

A nan ne tsufa yake da hannu dumu-dumu, kuma babu wanda ya tsira. Ƙololuwar bugu tana raguwa da kusan bugu bakwai a kowace shekara goma, tun daga ƙuruciya, ba sai an kai sittin ba. Dalili biyu ne. Na farko shi ne wanda muka gani, makaɗin kansa ya yi sanyi, kuma wannan ne ke ɗauke da kaso mafi girma. Na biyu, zuciyar tsoho ba ta jin kiran adirenalin kamar da. Ba wai sinadarin ya yi ƙaranci ba ne, hasali ma idan tsoho yana aiki jininsa yakan fi na saurayi yawan irin waɗannan sinadarai. Kiran yana nan da ƙarfinsa, kunnen zuciyar ne ya yi nauyi.

Lissafin ƙololuwar bugu da kowa ya sani shi ne:

220 − shekaru

Yana cikin agogunan hannu masu ƙirga bugu, yana manne a jikin injinan motsa jiki. Asalinsa daga farkon shekarun 1970 ne, lokacin da Fox da Haskell suka tattara sakamakon wasu 'yan bincike suka ja layi a tsakiyarsu don samun abin da za a riƙe a ka cikin sauƙi. Mafi yawan mutanen da ke cikin waɗannan binciken ba su wuce shekara 55 ba. Wato lissafin da ake auna 'yan saba'in da shi yau, ba da 'yan saba'in aka gina shi ba.

A 2001 Tanaka da abokan aikinsa a Jami'ar Colorado ta Amurka suka sake duba lamarin. Suka haɗa bincike 351 da suka ƙunshi mutum 18,712, suka kuma gwada wasu 514 masu lafiya da kansu. Lissafinsu ya fito haka:

208 − (0.7 × shekaru)

A shekara 40 lissafin biyu suna haɗuwa a 180. Daga nan sai su rabu, kuma tazarar tana ƙaruwa da shekaru. A 60, tsohon lissafi ya ce 160, sabon ya ce 166. A 70, 150 da 159. A 80, 140 da 152. Tsohon lissafin yana rage wa dattawa tsawon rufinsu.

Wani zai ce bugu tara ko goma sha biyu me zai yi. Yana yi. Idan likita yana zargin jijiyoyin zuciya sun toshe, yakan ɗora mutum a kan injin tafiya, yana ƙara masa sauri da tudu yana kallon wutar zuciyarsa, kuma a wurare da yawa ana ɗaukar gwajin ya isa idan bugun ya kai kashi 85 cikin 100 na ƙololuwar da aka lissafa. Ga ɗan shekara 70, da tsohon lissafi wannan ya kama 128, da sabon kuwa 135. Idan aka tsayar da shi a 128 alhali yana da sauran ƙarfi, ciwon da sai a 135 ko 140 zai nuna kansa zai iya ɓuya, a sallame shi a ce lafiyarsa ƙalau.

Mata kuma suna da nasu zancen. A 2010 Gulati da abokan aikinta suka fitar da sakamakon gwajin mata 5,437 a yankin Chicago, lissafinsu ya zama 206 − (0.88 × shekaru). Wannan ya ba mace mai shekara 70 kusan 144. Binciken Tanaka bai ga bambanci tsakanin maza da mata ba, na Gulati kuwa ya sa rufin mata ƙasa kaɗan. Wannan saɓani kansa yana nuna iyakar abin da lissafi zai iya faɗa.

Kuma iyakar tana da faɗi. Kowane ɗaya daga cikin lissafin nan matsakaici ne na taron jama'a, mutum ɗaya kuwa zai iya kauce masa da bugu goma sama ko ƙasa ba tare da wani ciwo ba. Idan ka tara dattawa masu lafiya 'yan shekara 70, kusan biyu cikin uku ƙololuwarsu za ta faɗa tsakanin 149 da 169, sauran kuma suna waje da haka, wani a 140, wani a 178. Saboda haka agogon hannu da ke kuka yana cewa mutum ya wuce iyakarsa don ya kai 152 a kan tudu, ba zuciyar mutumin ya auna ba, shekarunsa kawai ya cire daga 220. Ƙololuwar gaskiya sai a gwajin asibiti ake saninta, kuma ba abu ne da dattijo zai je ya nema da kansa a bayan gari ba.

Akwai abin da ya kamata a faɗa ƙarara domin mutane suna sa rai a inda babu. Motsa jiki ba ya hana rufin saukowa. Ɗan tseren da ya shekara hamsin yana gudu da maƙwabcinsa da bai taɓa yi ba, ƙololuwar bugunsu tana raguwa kusan da sauri ɗaya. Abin da motsa jiki ke yi daban ne: yana sauko da daɓen, yana ƙara yawan jinin da zuciya ke turawa a kowane bugu, yana kuma koya wa tsokar ƙafa da hannu su tatsi iskar da ke cikin jinin da kyau. Ta haka ne manomi ɗan saba'in yake kai ƙarshen kunyar da ɗan hamsin mai zaman ofis zai tsaya a rabinta yana haki, duk da cewa rufin ɗan hamsin ɗin ya fi nasa tsawo.

Tsawon ɗakin

Lambar da ta fi amfani ita ce tazarar da ke tsakanin biyun, wato abin da zuciya ke da shi a ajiye don aiki. Mu koma kan Baffa, mu ɗauka bai taɓa shan kowane magani ba. Yana ɗan shekara 30, bugun hutunsa 72, ƙololuwarsa a lissafi 187, ajiyarsa 115. Yana ɗan 70, hutu 72, ƙololuwa 159, ajiya 87. Idan Allah ya kai shi 80 za ta koma 80. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi tsakanin 30 da 70, alhali na'urar awon jini ba ta taɓa nuna masa wani canji ba, domin ita daɓen kawai take gani.

A ce wani aiki, kamar ɗaukar buhu daga bakin gona zuwa amalanke, yana kai bugunsa 125. A shekara 30 ya ci kashi 46 cikin 100 na ajiyarsa, yana yi yana hira. A shekara 70 wannan 125 ɗin ya cinye kashi 61, ya shiga sahun aiki mai tsanani. Buhun bai ƙara nauyi ba. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa tudun da mutum ya saba hawa tun yana yaro yake zame masa wani abu daban, da kuma abin da ya sa dattawan da suka je aikin hajji suke jin safa da marwa a jikinsu, tafiyar da ta kai wajen kilomita uku bayan an riga an yi ɗawafi.

Da wannan ajiya ake lissafa saurin da ya dace da motsa jiki, hanyar da Karvonen na ƙasar Finland ya kawo a 1957. Matsakaicin aiki shi ne kashi 40 zuwa kusan 60 na ajiyar, a ɗora a kan bugun hutu. Ga ɗan 70 mai hutu 72 da ajiya 87, kashi 40 ya kama 35, kashi 59 ya kama 51, sai a samu 107 zuwa 123. Tafiyar sassarfa ce, wadda mutum zai iya amsa gaisuwa da cikakkiyar jimla amma ba zai iya rera karatu da jan numfashi ba.

Sai dai Baffa na yanzu yana shan atenolol, kuma wannan ya rushe lissafin gaba ɗaya. Maganin ya sauko da daɓen, ya kuma sauko da rufin fiye da haka. Ga masu ciwon jijiyoyin zuciya da ke shan irin wannan magani akwai lissafin da aka fitar daban, 164 − (0.7 × shekaru), wanda ya ba ɗan 70 kusan 115. Idan muka ari wannan a matsayin kimantawa, da hutu 60 ajiyarsa 55 ce, matsakaicin aikinsa kuma yana wajen 82 zuwa 92. Ka ga da wani jikansa zai ɗaura masa agogo ya ce sai ya kai 120 tukuna motsa jikin ya karɓu, da ya tura shi neman abin da zuciyarsa ba za ta kai ba. Ga mai shan irin wannan magani, numfashi da yadda jiki ke ji sun fi lamba gaskiya.

Gajartar ɗakin tana da wani sakamako da ya fi damuna, domin a kan gadon jinya yake bayyana. Saurayin da ya zubar da jini ko ƙwayar cuta ta shiga jininsa, zuciyarsa takan haura 120 ko 130, kowa ya gane akwai matsala. Tsohuwa mai shekara 78 da ke cikin irin wannan hali za ta iya tsayawa a 95, musamman idan tana shan maganin da ke danne bugu, a duba a ce ai bai kai ɗari ba. Amma idan ita a 62 ta saba zama, wannan 95 ɗin ƙarin 33 ne, ihu ne zuciyar take yi iya muryar da ta rage mata. Wanda bai san lambarta ta yau da kullum ba ba zai ji ihun ba.

Juyin wannan ma gaskiya ne. Idan ka ga ɗan shekara 75 yana zaune bugunsa 150, da wuya a ce makaɗinsa ne ke wannan gudu, domin ko a kan tudu da kyar zai kai nan. Galibi wani wuri ne daban a zuciyar ya ƙwace kiɗan. Wanda ya fi yawa shi ne karkarwar ɗakunan sama na zuciya, wadda ake rubutawa AF a takardar asibiti, kuma wasu na'urorin awon jini suna nuna alamarta. Kusan mutum ɗaya cikin goma na waɗanda suka haura 80 yana da ita. A yatsa ana jin ta kamar kiɗan da ba shi da tsari ko kaɗan, biyu da sauri, ɗaya a makare, uku a jere, wani da ƙarfi wani da kyar. Tana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar, domin jini yakan daskare a ɗakin da ba ya matsewa sosai, gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa. Ba lallai ta zo da sauri ba, wani nasa 80 ne amma a hargitse. Ita ce dalilin da ya sa ban yarda a dogara da na'ura kaɗai ba, domin lamba ɗaya take bayarwa, kuma idan kiɗan ya rikice lambar ma takan yi kuskure.

Awon da hannu ba wuya. Da safe, kafin shayi ko goro, mutum ya zauna minti biyar. A sa yatsu biyu, manuni da na tsakiya, a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, a danna kaɗan har a ji motsin. A ƙirga minti ɗaya cur. Ƙirgen daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu yana yi wa matasa, amma a tsoho yakan ɓoye tsallake da hargitsi. Kada a danna jijiyar wuya da ƙarfi a wajen dattijo, domin akwai wurin da idan aka matsa yake taka wa zuciya birki, wani har ya faɗi. A rubuta lambar kwana bakwai a jere, abin da ya fi maimaituwa shi ne daɓen mutumin. Canjin da ya kai 15 ko 20 daga nan kuma ya zauna kwanaki, ko bugun da ke ƙasa da 50 tare da jiri ko kasala, ko wanda ya haura 100 a zaune ba zazzaɓi, ko kiɗan da ya hargitse, duk na zuwa asibiti ne a ɗauki hoton wutar zuciya. Idan da suma, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi a zaune, ba a jiran gobe.

Akwai kuma abin da ake gani a lokacin aiki da bayansa. Wani dattijon zuciyarsa ba ta tashi idan ya tashi: yana zaune 65, ya hau bene ya kai 80 kawai, yana haki kamar zai faɗi. A gwajin asibiti, mai rashin shan maganin danne bugu da ya kasa cin kashi 80 cikin 100 na ajiyarsa ana ɗaukar makaɗinsa ya gaza, ba tsufa kaɗai ba ne. Saukowar ma ana duba ta. A wani binciken da aka yi a Cleveland aka fitar a 1999, an bi mutum 2,428 tsawon shekara shida bayan gwajin injin tafiya, aka ga waɗanda bugunsu bai sauka da fiye da 12 ba a minti na farko bayan ƙololuwar aiki sun fi sauran yawan mutuwa nesa ba kusa ba. Saukowa da sauri alama ce ta cewa birkin nan yana da sauran ƙarfi, kuma yana cikin abubuwan da tafiyar yau da kullum ke gyarawa.

Baffa yanzu yana da ɗan littafi a cikin aljihun 'yar-shararsa, yana rubuta lambar safiya da biro ja. Da na koma bayan girbi ya buɗe mini shi: 60, 58, 61, 60, sai wata rana guda 84. Na nuna ta da yatsa na ce, "Baffa, wannan fa?" Ya ce ranar ce zazzaɓin cizon sauro ya fara kama shi, kuma tun kafin jikinsa ya yi zafi sosai lambar ta sa ya aiki jikansa ya kira mai babur ya kai shi gwajin jini.